Agogo ko zobe: wanne ne zai biya maka kaya a kanti idan waya tana gida?

A shagunan waya na Adum a Kumasi yanzu da wuya ka wuce teburi uku ba ka ga agogon hannu mai allo ba, kuma yawancinsu an buga NFC a jikin kwalinsu, wato fasahar da ke sa a kara abu a jikin inji ya karanta shi. Ga kuma ƴan uwanmu na Aboabo da Asawase da ke zaune a Birtaniya ko Jamus, suna zuwa hutu da wani zobe baƙi mai sheƙi, su ce da shi suke biyan kuɗin burodi. Duk wanda ya ga an kara hannu a jikin inji rasit ya fito, dole abin ya ba shi sha'awa. Sai dai waɗannan kaya ba masu araha ba ne, kuma ina jin zafin ganin mutum ya zuba kuɗin da ya sha wahalar tarawa a kan abin da ba zai biya masa ko ledar ruwa ba. Shi ya sa nake son mu bi yadda abin yake aiki a tsanake, domin a cikin aikin nasa zaɓin yake.

Mu a nan mun saba da Momo. Tun 2009 da MTN ta kawo shi, biya ba ya yiwuwa sai da waya a hannu: ka danna `*170#`, ka jira saƙo, ka sa lambar sirri. Idan babu sabis, babu biya. Wannan sabon ne yake sa mutane da yawa suna zaton agogo ma sai ya tuntuɓi waya ko ya hau intanet kafin ya biya. Ba haka ba ne. Agogo da zobe ba ƴan gidan Momo ba ne, ƴan gidan katin banki ne, irin na Visa da Mastercard da ake karawa a jikin inji ba tare da an zura shi ba.

A lokacin biya, agogo ba ya kiran kowa. Injin kantin ne yake da layi zuwa banki. Shi injin yana fitar da wani ƙaramin maganaɗisu a kewayen allonsa, wanda bai wuce tazarar santimita 4 ba, kuma ta cikinsa ne su biyun suke magana. Injin ya faɗi kuɗin kaya, ya haɗa da wata lamba da ya ƙirƙiro nan take. Abin hannunka ya ɗauki waɗannan, ya haɗa da lissafin adadin cinikin da ya taɓa yi, ya sarrafa su da wani mabuɗin sirri da ke kulle a cikinsa, sai ya mayar da sa hannu na lambobi wanda ba ya aiki sai ga wannan ciniki kaɗai. Duk wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Daga nan aikin hannunka ya ƙare, kana iya sauke shi. Jiran da ake yi bayan inji ya yi ƙara, jiran amsar banki ne ta layin mai kanti.

Kuma lambar da agogon ya ba injin ba ita ce lamba 16 da ke jikin katinka ba. Ranar da ka saka katin a agogo, kamfanin katin da yardar bankinka ya ƙirƙiri wata lamba ta madadi, wadda ake kira tokin, ya ajiye ta a agogon. Kamar ɗan katin da mai ajiyar kaya a tasha yake ba ka ne: a wurinsa kaɗai lambar take nufin buhunka. Idan ciniki ya isa wurin Visa ko Mastercard, su ne suke duba wane kati ne ke bayan tokin ɗin, su miƙa wa bankinka, banki ya duba asusu ya ce e ko a'a. Za ka iya gane haka da idonka: lambobi huɗun ƙarshe da ke kan rasit ba za su yi daidai da na katinka ba. Kada ka yi rigima da mai karɓar kuɗi a kan wannan, daidai ne. Amma ka tuna da shi ranar da za ka mayar da kaya a dawo maka da kuɗi, domin lambar agogon za su nema a littafinsu.

To ina amfanin waya ke nan? Ranar farko. Da ita ake saka katin, ta nan banki zai turo lambar tabbatarwa, ta nan tokin zai sauka. Apple Watch ba ya saituwa sai da iPhone, agogon Garmin kuma sai da manhajar Garmin Connect. Bayan an gama wannan, wayar tana iya kwana a gida. Ba ka buƙatar agogo mai layin waya a cikinsa don ka biya, kada mai shago ya ƙara maka kuɗi da wannan hujja. Bambanci ɗaya da ya kamata a sani shi ne, Apple Watch yana riƙe mabuɗinsa a wata keɓaɓɓiyar ƙwayar tsaro da ke cikinsa, don haka rashin intanet bai dame shi ba, alhali tsarin Google Wallet ya dogara da mabuɗai masu ƙarewa da ake sabunta su ta intanet. Agogon da ke kan wannan tsari zai biya ba waya, amma yana son ya riƙa ganin intanet lokaci zuwa lokaci.

Har zuwa nan agogo da zobe tafiyarsu ɗaya. Inda suka rabu shi ne a kan tambaya guda: wa ya tabbatar cewa mai abin ne yake biya?

Agogo yana da batir, yana da allo, yana da idon da ke kallon fatar hannunka ta ƙasa. Idan ka ɗaura shi da safe ka sa lambar sirri, zai zauna a buɗe muddin yana jin fata. Da zarar ya bar hannu, ya kulle kansa. A Apple Watch ba ma za a bar ka ka saka kati ba sai ka sa wa agogon lambar sirri, kuma ba ya biya sai ka danna maɓallin gefe sau biyu. A Garmin lamba huɗu ce, idan ka sa ta sau ɗaya za ta ɗauke ka awa 24 matuƙar ba ka cire agogon ba, kuma idan ka buɗe jakar kuɗin kana da daƙiƙa 60 ka kara. Ka yi kuskuren lambar sau uku, jakar ta kulle sai ka koma wurin waya. Amfanin duk wannan shi ne agogon yana gaya wa injin kanti cewa ya riga ya tantance mai shi. Injin da ya fahimci wannan saƙo ba zai nemi wata lamba ba ko da kuɗin kayan yana da yawa. Akwai tsofaffin injina da ba su san da wannan ba, su za su iya neman lambar katin duk da haka.

Zobe kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba batir, ba allo, ba maɓalli. Abin da ke cikinsa ƴar ƙwayar kati ce da siririyar waya da aka naɗe ta zagaye da'irar zoben, galibi a cikin tangaran mai ƙarfi, domin ƙarfe zalla yana tare sigina. Wutar da yake aiki da ita daga maganaɗisun injin kantin yake samun ta, ya farka na ɗan lokaci, ya sa hannu, ya koma ya kwanta. Wannan shi ne ƙarfinsa: ba a cajinsa har abada, ɗauke wuta bai shafe shi ba, ruwa bai dame shi ba. Kuma shi ne rauninsa, domin bai san yatsan wa yake kai ba. Duk wanda ya tsince shi zai iya kara shi.

Saboda haka bankuna suke ɗaukar zobe tamkar kati: akwai iyakar kuɗin da za a biya ba tare da lambar sirri ba. A Birtaniya an kai iyakar fam 100 a Oktoban 2021, a yawancin ƙasashen Turai masu amfani da yuro kuwa yuro 50 ce. Idan ana Kumasi, iyakar da aka saita a injin kantin ce ke aiki, tare da dokar da kamfanin zoben ya gindaya. Da kati, idan ka wuce iyaka sai ka zura shi cikin inji ka sa lamba, magana ta ƙare. Zobe ba ya shiga ramin inji. In kamfaninsa ya ba ka lambar sirrin da ake dannawa a jikin injin, kuma injin yana karɓar irin wannan, to ka tsira. In ba haka ba ciniki ya tsaya a nan.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani ɗan Aboabo mai aiki a Birtaniya ya zo hutu, yana da katin bankin can, ya saka shi a agogo, yana kuma da zobe. Ya bar waya a caji, ya fita da ƙaninsa sallar Juma'a, daga nan suka biya wani babban kanti sayen kayan gida: shinkafa, man girki, madara, sabulu, duka sidi 640.

Wajen alwala ya cire agogon don ruwa ya kai gwiwar hannu. Wannan kaɗai ya isa ya kulle shi. Da suka iso wurin biya ya danna maɓalli, sai allon ya nuna masa wurin sa lamba.

"Yaya, ko dai don ba ka zo da waya ba ne?" in ji ƙanin.

"A'a, cire shi da na yi ne a masallaci. Bari in sa lambar."

Ya sa, ya danna sau biyu, hoton kati ya fito, ya juya fuskar agogon ya kara ta a kan alamar nan mai layuka huɗu masu lanƙwasa. Agogon ya ɗan girgiza a hannunsa, inji ya yi ƙara. Saƙon ya bi layin kantin zuwa bankin mai kanti a nan Ghana, ya wuce kamfanin kati, aka canza tokin zuwa katin gaskiya, ya isa bankinsa a Birtaniya, aka dawo da amincewa. Idan injin ya tambaye shi ko ya biya da sidi ko da fam, sidi ya kamata ya zaɓa, domin canjin da ake yi a wurin inji yawanci ya fi na kamfanin kati tsada. Bankin nasa kuma yana iya ɗora kuɗin amfani da kati a ƙasar waje. A ce kashi 3 cikin 100 ne, to a kan sidi 640 ya ƙara kimanin sidi 19. Wannan kuɗi na katin ne, ko da agogo ya biya ko da zobe ko da robar katin kanta.

Yanzu a ce zoben ya miƙa. Alwala ba ta kulle shi ba, babu lambar da zai sa. Amma sai ya iya riƙe hannu. Saboda yadda wayar cikinsa take a naɗe, ɗora tafin hannu a shimfiɗe sau da yawa ba ya karantuwa. Dunƙule hannu ake yi kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, a ɗora gaɓar yatsan a tsakiyar alamar, a tsaya cak har inji ya yi ƙara. Da kayan sidi 40 ne, da tuni ya fita. Da sidi 640, idan ya haura iyakar injin, allo zai nemi lambar sirri ko ya ce a zura kati. Wasu sukan ce a raba cinikin gida biyu ko uku. Wani lokaci yana wucewa, amma biya a jere a kanti ɗaya a wata ƙasa yana cikin abin da ke sa na'urar tsaron banki ta dakatar da abu, kuma ba za ka iya buɗe shi ba sai da wayar da ka bari a gida.

Akwai kuma batun inda kuɗin zoben yake fitowa, don iri biyu ne. Wani yana da ƙaramin asusu nasa da ake zuba wa kuɗi ta manhaja. Idan ya ƙare kana cikin kanti ba waya, ba ka da yadda za ka gani ko ka ƙara, sai in ka saita shi ya riƙa cika kansa. Wani kuma tokin na katinka ake saka masa kamar agogo. Na farkon yana da wani alheri: in ya ɓace, abin da ke cikinsa kaɗai ke cikin haɗari. Wasu zobban kuma suna da wa'adi irin na kati, idan ya cika sai an sabunta ko an sayi wani. Tangaran ba ya zuwa wurin maƙeri a rage ko a buɗa shi, don haka in ba a auna yatsa daidai ba kafin a aiko, an yi asara.

Batun ɓacewa ya fi damuna a kan zobe. Mutum ya cire shi a bakin famfo, ko mace ta ajiye shi za ta yi wanki, ya faɗi ba a ji ƙararsa ba. Daga wannan lokaci har zuwa sa'ar da za ka isa wurin waya ka dakatar da shi, a buɗe yake ga ƙananan sayayya. Agogon da aka fizge daga hannu kuwa a kulle yake tun kafin ɓarawo ya sha kwana. Mai Apple Watch yana iya shiga iCloud.com daga kowace waya ya sa shi a `Lost Mode`, a dakatar da tokin ɗin daga can wurin kamfanin kati ko da agogon ba ya kan intanet. Katin da ke gida yana nan yana aiki, ba sai an canza shi ba.

Ta ɓangaren caji kuma zobe ne a gaba nesa ba kusa ba. Apple Watch na yau da kullum awa 18 zuwa 24 kamfanin yake faɗa, wato kullum sai an caja. Agogunan Garmin suna yin kwanaki. Agogon da batirinsa ya mutu ba ya biyan komai, kuma duk wanda ya kwana biyu a Kumasi ya san ba kowane dare ake samun wuta ba.

Idan biya ya ƙi, yadda ya ƙi ɗin yana nuna inda matsalar take. In ka kara babu ƙara babu girgiza, ba a ma fara magana ba: ko ba ka dace da wurin alamar ba, ko mai kanti bai sa kuɗin a inji ba tukuna, ko injin ba a buɗe masa karɓar kati ta karawa ba, abin da yake faruwa ko da alamar tana jikinsa. In ya yi ƙara sannan ya daɗe yana juyawa ya yanke, layin kantin ne, kuma a wannan hali agogo da zobe da kati duk ɗaya ne, sai tsabar kuɗi. Kafin ka sake karawa ka nemi a ba ka takardar da ke nuna cinikin bai wuce ba, don kada a cire maka sau biyu. In kuwa ya yi ƙara nan take ya rubuta `Declined`, saƙon ya je ya dawo, bankinka ko kamfanin zoben ne ya ƙi: kuɗi bai isa ba, ko an rufe amfani da katin a ƙasar waje.

Duk wannan kwatanci yana da amfani ne ga wanda katinsa zai iya shiga abin. A nan ne mafi yawanmu za mu tsaya. Tokin ba ya samuwa sai bankin da ya ba ka kati ya ƙulla yarjejeniya da tsarin biyan. Apple Pay ya shiga Afirka ta Kudu a 2021, Maroko a 2023, Masar a ƙarshen 2024, kuma har zuwa lokacin Ghana ba ta cikin jerin. Garmin yana da nasa jerin bankuna ƙasa-ƙasa. Kamfanonin zobe su ma yawanci suna neman adireshi da kati na ƙasar da suke aiki. Abin lura shi ne, injin kanti a Kumasi zai iya karɓar biya daga agogon da ke ɗauke da katin waje, don shi a wurinsa kati ne kawai aka kara masa. Abin da ke hana ɗan gida shi ne saka katin bankin gida a cikin agogon. Asusun Momo da katin e-zwich kuwa ba sa shiga ko ɗaya.

Sannan a yi hattara da rubutun kwali. Agogunan nan masu araha da aka buga wa NFC, abin da ke cikinsu galibi ƴar alamar buɗe ƙofa ce, babu ƙwayar tsaro, babu wani banki da ya san da su. Wasu da aka ƙera don kasuwar Sin suna nuna hoton biya na Alipay, wanda ba shi da aiki a kantunanmu. Ba kowane zobe mai wayo ne yake biya ba: Galaxy Ring na Samsung da zoben Oura na auna barci da bugun zuciya ne, ba su da hanyar biya.

Ga wanda ke zaune a nan, katinsa na bankin gida ne, shawarata kada ya sayi agogo ko zobe don biya. Ya je bankinsa ya nemi kati mai alamar karawa. Abin da ke cikin zoben nan shi ne a cikin wannan kati, ba ya son caji, ba ya son waya, kuma shi ana iya zura shi a inji idan kuɗi ya yi yawa. A Kejetia da wurin mai waina da mai koko ma ba za a samu injin da za a kara wa komai ba, can Momo ne da tsaba. Ga mai katin waje da ke zuwa gida yana komawa, agogo na fi so masa, saboda yana kulle kansa, yana wuce iyakar kuɗi a yawancin injina, kuma yana ɗaukar kati fiye da ɗaya, in wannan ya ƙi ya juya zuwa wancan. Zobe ya dace da mutumin da sayayyarsa ƙanana ce, aikinsa na ruwa ko ƙura ne, ba ya son abin caji, kuma ya yarda ya bar kuɗi kaɗan a cikinsa.

Wanda duk da haka ya ƙudura sai ya sayi agogo a Adum, ya je da wayarsa da katinsa. Kafin ya ƙirga kuɗi, a haɗa agogon da wayar a gabansa. In Apple Watch ne na hannu kuma ya nemi asusun tsohon mai shi, a bar shi nan, ba zai buɗu ba. In ya haɗu, a shiga wurin ƙara kati a gwada saka katin. Idan banki ya turo lambar tabbatarwa kuma hoton katin ya bayyana a allon agogon, to zai biya. Idan aka rubuta cewa bankin ba ya cikin tsarin, babu wani mai gyara a layin da zai iya canza wannan, duk alkawarin da ya yi.